Saura mako ɗaya ƙanwata ta rubuta jarrabawar fakta da firakshin ɗin aljabara, yaya za mu raba kwanakin?

Yayar ɗaliba:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata tana SS2, Litinin mai zuwa za su yi jarrabawar lissafi, kuma malaminsu ya ce a kan fitar da fakta da firakshin ɗin aljabara za ta tsaya. Jiya da daddare na ba ta wannan in ga inda take:

(x² − x − 6)/(x² − 9)

Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ja layi ta soke x² na sama da x² na ƙasa, ta miƙo min takarda wai ta gama. Da na ce ba haka ba ne sai idonta ya ciko da ƙwalla, domin wata guda ke nan tana fama da abin. Yarinyar tana da ƙoƙari, ni ce na daɗe da barin aji. Tana dawowa daga boko ƙarfe biyu, ta wuce Islamiyya har shida, don haka abin da muke da shi bai wuce awa ɗaya da rabi ba bayan Isha'i. Don Allah wanda ya taɓa shirya yaro cikin mako ɗaya ya gaya min yadda ya yi.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan kuskuren duk zangon karatu sai na gan shi a takardun yara, kuma ba firakshin ne matsalarta ba, fakta ce. Yaron da idonsa bai saba ganin baka biyu a cikin x² − 9 ba, dole hannunsa ya nemi abin da zai soke. Shi ya sa idan na samu mako ɗaya nake ba fakta kwana uku cur, ba na bari a taɓa firakshin.

Daren farko, abin da duk sassan suka yi tarayya a kai, sannan bambancin sikwaya biyu. Ki ba ta 2x² − 18 ki zuba ido. Idan ta fara fitar da 2 ta samu 2(x² − 9), sannan ta kai shi 2(x − 3)(x + 3), to darenku ya yi kyau. Dare na biyu irin su x² − x − 6: lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −6, in an haɗa su su ba da −1. Ga −3 da 2 nan, sai ya zama (x − 3)(x + 2). Ta yi goma sha biyar irinsa, kuma kowanne ta buɗe bakan da kanta ta ga ko ya koma yadda aka ba ta.

Dare na uku shi ne mai nauyi, inda wata lamba ke gaban x². Ɗauki 6x² + 7x − 3. A ninka 6 da −3, a samu −18. Yanzu ana neman lambobi biyu masu ba da −18 in an ninka, 7 in an haɗa, wato 9 da −2. Sai a raba na tsakiyan:

6x² + 9x − 2x − 3 = 3x(2x + 3) − 1(2x + 3) = (3x − 1)(2x + 3)

Ki kula da wannan −1 ɗin, a nan yara suke zamewa. Alamar da za ta gane ta ɓata ita ce bakan biyu su ƙi fitowa iri ɗaya. In ta ga (2x + 3) a hagu, (2x − 3) a dama, ta tsaya ta koma ta duba alama, kada ta ci gaba.

Sai dare na huɗu za ki dawo mata da tambayar jiya. A lokacin za ta ga (x − 3)(x + 2) a sama, (x − 3)(x + 3) a ƙasa, ta soke (x − 3) gaba ɗayansa, a bar ta da (x + 2)/(x + 3).

Ɗan jami'a:
Malam, a gafarce ni, amma ni ina ganin kwana uku ya yi yawa. Lokacin da nake SS3 laluben lambobin nan ya ishe ni, sai na koma fomula kawai. Ka sa a, b, c a ciki, amsa ta fito. A naka misalin b² − 4ac ya ba da 121, tushensa 11, sai x ya zama 1/3 ko −3/2. Ke nan fakta ita ce (x − 1/3)(x + 3/2). Ta haddace fomula a dare ɗaya, ta huta.

Malamin lissafi:
Ɗana, tushen da ka fitar daidai ne, amma buɗe bakan naka ka gani. Zai ba ka x² a gaba, alhali 6x² aka ba ka. Ka jefar da 6. Sai ka rubuta 6(x − 1/3)(x + 3/2) kafin ya yi daidai, kuma a cikin firakshin wannan 6 ɗin da ka yar yana canza amsar baki ɗaya. Inda na yarda da kai shi ne b² − 4ac yana ceton lokaci. In ya fito 121 ko 49 ko 25, akwai fakta mai kyau, a ci gaba da nema. In ya fito irin 13, a daina wahala.

Ɗan jami'a:
Haka ne Malam, na buɗe na gani. Amma har yanzu ina ganin yaron da laluben ya ƙi masa, gara ya riƙe fomular a hannu.

Baban yara huɗu:
Hajiya, ki saya mata littafin tambayoyin baya na WAEC da NECO, ta bi shekara goma ta yi duka. Haka na yi wa babban ɗana, watanni uku yana tashi da asuba, kuma Allah ya taimake shi ya ci. Ki kuma tabbatar ta iya kusurwoyin da'ira da logaridim, ba sa rasa fitowa.

Yayar ɗaliba:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara wa yaron basira. Tata ba WAEC ba ce tukuna, ta makaranta ce, kuma mako ɗaya kacal ya rage. Amma akwai littafin a gida, zan tsinto mata waɗanda suka shafi wannan babin kawai.

Wadda ta gama bara:
Anti, ni abin da ya same ni zan faɗa, don har yau yana min ciwo. Na iya fakta sosai, na shiga jarrabawar zango da ƙarfin gwiwa. Aka ba mu irin tambayarki, aka ce a sauƙaƙa, sannan a faɗi inda firakshin ɗin ba shi da ma'ana. Na soke daidai, na samu amsa mai kyau, na kalli ƙasan amsar na rubuta lamba ɗaya. Da takarda ta dawo, jan biro ya zagaye wurin. A taki tambayar, wanda ya kalli (x + 2)/(x + 3) zai ce −3 ne kawai haramtacce. To ai 3 ma haka ne, don in ka sa 3 a ainihin tambayar, ƙasa zai zama 9 − 9, sifili. Soke bakan bai wanke shi ba, ɓoye shi kawai ya yi.

Tun daga ranar na canza tsari. Da zarar na fitar da faktar ƙasa, kafin biro ya taɓa sokewa, sai in rubuta x ≠ 3, x ≠ −3 a gefen takarda. Ki sa ta saba da wannan a daren huɗu, kowace tambaya, ko ba a nema ba.

Dare na biyar kuma ni haɗawa da ɗebewa na yi. Ki gwada ta da 3/(x − 2) − (x + 1)/(x² − 4). Ƙasa zai zama (x − 2)(x + 2), sama kuma 3(x + 2) − (x + 1). Yawancinmu a aji 2x + 7 muka samu, saboda alamar ɗebewar ta tsaya a kan x ba ta kai ga 1 ba. Daidai shi ne 2x + 5. Maganinsa kada ta cire bakan nan sai a layi na gaba.

Ɗan'uwa daga Damagaram:
Mu da Faransanci muka koyi wannan, sunayen daban amma abin ɗaya ne. Malaminmu ba ya karɓar aiki sai ka fara rubuta lambobin da x ba zai ɗauka ba, don haka ƙanwar da ta yi magana ta yi gaskiya. Abin da na ƙara wa ƙanena shi ne gwaji: in ya gama, ya sa x = 0 a tambaya da amsa, in sun yi daidai shi ke nan.

Malamin lissafi:
Gwajin yana da kyau ƙwarai, ɗan'uwa, sai dai sifili yana rufa wa kuskure asiri. Duba abin da yarinyar ta yi jiya. Ta soke x² aka bar ta da (−x − 6)/(−9). Sa sifili: tambaya ta ba da 6/9, amsarta ma 6/9. Za ta ɗauka ta ci. Amma sa x = 1: tambaya ta ba da −6/−8, wato 3/4, tata ta ba da 7/9. Amsar gaskiya kuwa (1 + 2)/(1 + 3), ga 3/4 nan. Hajiya, yau ma ki sa ta yi wannan gwajin da hannunta, kada ki faɗa mata komai. Yaron da ya ga 7/9 da 3/4 a gefen juna da idonsa ya fi wanda aka yi wa faɗa sau goma riƙe abin. Ni na fi son a gwada da 2 ko 5, muddin ba ya cikin lambobin da aka hana.

Maman tagwaye:
Nawa biyu ne a aji ɗaya, na bi kusan wannan tsarin da su a zangon da ya wuce. Ranar Asabar na zaunar da su a tsakar gida da safe, na ajiye agogo, tambaya goma a gauraye cikin minti arba'in, ba littafi ba waya. A nan na gano abin da dararen baya ba su nuna min ba. Ɗayar tana iya kowane iri in ta san babin da ake ciki, amma da aka gauraya sai ta tsaya tana kallon 4x² − 25 tana neman na tsakiya. Ɗayan kuma wannan ce ta kama shi: x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3. Ya yi aikinsa tsaf, ya samu x = 2, ya ja layi biyu a ƙasa. Sai da na ce mayar da shi cikin tambayar, ya ga ƙasa ya koma sifili, ashe tambayar ba ta da amsa. Lahadi kuwa ban bar su sun taɓa sabon abu ba, waɗanda suka faɗi kawai suka sake, suka kwanta da wuri.

Ɗan jami'a:
To ina giraf? Mu an tambaye mu zanen y = 1/(x − 2), da layin da ba ya taɓawa a x = 2. Kwana bakwai sun ƙare ba wanda ya ambace shi.

Malamin lissafi:
Wannan ya danganta da ajin da take. In lissafin kowa da kowa ne, ni ba zan ɓata mata dare a kai ba. In kuwa tana ɗaukar lissafin zurfi, to akwai shi, har da rarraba firakshin gida gida, kuma sai an matse wani daren. Hajiya, ki buɗe littafin rubutunta ki ga abin da malamin ya koyar a wannan zangon.

Wadda ta gama bara:
Ni dai ko da akwai giraf ba zan taɓa kwana ukun farko ba. Gara a rage daga Lahadi.

Maman tagwaye:
A'a ƙanwata, Lahadin nan a bar wa yarinya. Nawa da ba su huta ba da ban san yadda za su tashi ba.

Yayar ɗaliba:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba littafin, akwai shafi biyu na giraf a ƙarshe amma malamin bai ba da aikin gida a kansu ba, gobe zan sa ta tambaye shi. Mun yi gwajin x = 1 ɗazu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ɗauki biro ta goge layin da ta ja jiya da kanta. Na ba ta 2x² − 18, ta fitar da 2 ɗin, ta tsaya a 2(x² − 9) ta ce ta gama. Daga nan za mu tashi gobe bayan Isha'i in sha Allah.