Borin jini ya kama maigida, yau kuma leɓensa ya kumbura

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawara. Shekaranjiya bayan isha maigida ya sha maganin ciwon baya, ibufurofen, ko rabin awa ba a yi ba jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar an zane shi da dorina, ga ƙaiƙayi har barci ya gagara. Kafin asuba duk sun baje. Yau ya sake sha, abin ya dawo, har leɓensa na sama ya kumbura. Me zan ba shi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Borin jini ne, 'yata. Mu da muna yara manja ake shafa mana ko toka, a kwana a tashi babu komai.

Baba Direba: Ni ma haka kulorokwin yake yi mini. Kwana uku ina susa, tafin hannu da tafin ƙafa, ko wanka na yi sai ya ƙaru.

Anti Nas: Baba, naka daban ne. Ƙaiƙayin kulorokwin ba ya tayar da fata, susa ce kawai. Uwar Biyu, kafin maganar magani, je ki dube shi yanzu. Sa shi ya yi magana: muryarsa ta dushe? Yana iya haɗiye yawu? Harshensa ya yi kauri? Numfashinsa yana fita da ƙara, ko yana jin jiri in ya miƙe?

Uwar Biyu: Na duba. Murya lafiya lau, ya sha ruwa ya wuce, harshe ma yadda yake. Leɓen ne kawai da ƙaiƙayin. Awa ɗaya ke nan da shan maganin.

Mai Kemis: To da sauƙi. A ba shi firiton ƙwaya ɗaya. In ya ƙi, a kawo shi a yi masa allurar haidirokotison, ita ce maganin kumburi ko da na maƙogwaro ne.

Anti Nas: Rabin farko na yarda, Malam, na biyun kuwa a'a, bari in zo kansa. Uwar Biyu, ba shi setirizin mai miligiram 10 ƙwaya ɗaya, ko loratadin mai 10, sau ɗaya a yini. In firiton ne a gida, mai miligiram 4, ba laifi, sai dai yana sa barci, kada ya hau babur ko ya ja mota. A jiƙa tsumma da ruwan sanyi a ɗora inda ya fi ƙaiƙayi, a bar ruwan zafi, ƙara tayar da shi yake yi. Manjan Hajiya ba ya kashe shi. Kowane tabo dama ba ya wuce yini guda, ya baje a nan ya ɓullo a can, shi ya sa duk abin da aka shafa sai a ga kamar shi ya yi aiki.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne karo na biyu ya fi na farko, ya kai ga leɓe. Kada ya kwana shi kaɗai, kuma ko ya baje gobe ku je ku ga likita da kwalin maganin a hannu.

Hajiya Babba: Oho, ashe manjan namu yabon banza ya sha.

Anti Nas: Yanzu maganar maƙogwaro. Abin da ke kumbura leɓe shi ne ke iya kumbura harshe da mashigar iska, kuma can ciki ba ka gani, sai dai ka ji. Murya ta dushe ko ta koma kamar ta mai abu a baki, yawu ya riƙa dalala don ya kasa haɗiyewa, numfashi ya riƙa yin ƙara kamar ana fito. Wani kuma ba ta numfashi yake zuwa masa ba, jininsa ne ke faɗuwa: jiri, gumi mai sanyi, amai da murɗar ciki, ya yanke jiki ya faɗi. Ɗaya daga cikin waɗannan tare da borin jini ya isa. Ba a jiran ƙwaya ta yi aiki, ba a tsayawa kemis, asibiti mafi kusa, sashen gaggawa.

Maganinsa allurar adirenalin ce a naman cinya ta gefen waje. Babban mutum miligiram 0.5, in bayan minti 5 bai samu sauƙi ba a sake. Haidirokotison sai bayan sa'o'i take fara aiki, maƙogwaro kuwa cikin mintuna yake toshewa. Firiton ma fata yake gyarawa, ba ya buɗe hanyar iska.

Mai Kemis: Na ji, amma na sha ganin an yi haidirokotison mutum ya warware.

Anti Nas: Ya warware don nasa bai kai can ba. Ranar da ya kai, ba za ta riƙe shi ba.

Baba Direba: To in ya faru a ƙauye fa, ni da ake tashi da dare in kai mara lafiya, yaya zan ɗauko shi?

Anti Nas: Tambaya mai kyau, Baba. A kwantar da shi a kujerar baya, a ɗan ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya jingina a zaune, ƙafafu a miƙe. Mai ciki ta kwanta ta gefen hagu. Kada a tsayar da shi ko a ce ya taka zuwa mota, a cicciɓe shi, don tashi tsaye lokacin da jini ya faɗi yana iya zama ajali. Kada a ɗura masa ruwa ko madara. Kuma ko ya farfaɗo bayan allura ba a saurin komawa gida, wani lokaci abin yana dawowa bayan wasu sa'o'i, shi ya sa ake riƙe mutum a sa masa ido.

Amarya: Anti, ni mahaifiyata leɓenta ya taɓa kumbura suntum, babu ƙaiƙayi, babu tabo ko ɗaya a jiki. Sai da aka je asibiti aka gano maganin hawan jininta ne, lisinofuril, alhali ta fi shekara tana sha.

Anti Nas: Haka yake yi, kuma ya fi kama baƙar fata. Irin wannan kumburin ba ya jin firiton sosai, canza maganin ake yi, likita ne zai canza. In ya taɓa harshe, shi ma gaggawa ne.

Uwar Biyu: Na ba shi setirizin, ƙaiƙayin ya fara lafawa. Amma shi ya dage wai ba maganin ba ne, kirefish ne da na zuba a miyar kuɓewa. Gaskiya dai duka ranakun biyu miyar ya ci.

Mai Kemis: Zai iya yiwuwa fa. Kirefish, gyaɗa, ƙwai, kifi, duk suna yi. Saftirin da amoksil ma, ga harbin zuma da rina.

Anti Nas: Zai iya. Na abinci yakan taso daga 'yan mintuna zuwa awa biyu bayan ci, kin ga lokacin ya haɗu da na maganin. Ni dai na fi zargin ibufurofen tunda shekaru yana cin miyarki lafiya, amma ba zan rantse ba. Ya bar su duka biyun, har da dangin maganin, dikulofenak da asfirin. In ciwon baya ya matsa, farasitamol. Kada kuma ya ce zai gwada a gida don ya gane wanne ne.

Hajiya Babba: Jikata kuwa ba ta ci komai ba, mura kawai ta yi, sai ga shi.

Anti Nas: A yara wannan ya fi yawa, Hajiya. Wani ma har ya warke ba a gano dalili. In yana zuwa yana komawa ya wuce sati 6, da wuya a ce abinci ne, sai a je asibiti a bar hana yarinya wannan da wancan.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Leɓen bai ƙaru ba. Na kwashe kwalin na sa a jakata, da safe za mu tafi. Yanzu rigimar da ta rage ta sauran miyar ce, ya ce ba za a zubar ba.