Gwaji uku sun isa a ce fomular canji daidai take?

Nasiru: Jama'a, aikin da anka ba mu na ƙirga hanyoyin haɗa canji da takardun naira 5, 10 da 20, na gama. Ga fomulata, dp[x] shi ne yawan hanyoyin haɗa naira x, kuma sifili ne in x ta yi ƙasa da 0:

```
dp[0] = 1
dp[x] = dp[x-5] + dp[x-10] + dp[x-20]
```

Na gwada 0, 5 da 10 da hannu, na samu 1, 1, 2, inji ma haka ya ba ni. Ni dai na ce daidai take, Hauwa ta ce a'a.

Hauwa: Gwada 15, Nasiru. Ni da biro hanya biyu nake gani: biyar uku, ko biyar da goma. Fomularka kuwa dp[10] + dp[5] take yi, wato 2 + 1, ta ba da 3.

Sanusi: Ni ban ga abin wahala ba. Mai shayin unguwarmu a Tudun Wada babbar takarda yake fara zarowa, sannan mai bi mata. Canjin 15, goma da biyar, takarda biyu, shi ke nan.

Aunty Rabi: Sanusi, wata tambaya kake amsawa. Kai takardu mafi ƙaranci kake nema, su kuma yawan hanyoyi suke ƙirgawa. Nasiru, Hauwa ta yi gaskiya. Fomularka tambayarta ita ce wace takarda aka miƙa a ƙarshe, don haka a wurinta biyar sannan goma daban ne da goma sannan biyar. Ta ukun da ta ƙaru ke nan. Gwaje-gwajenka kuma ba za su taɓa kama wannan ba, domin a 5 da 10 babu hanyar da takardu iri biyu suka haɗu a cikinta. Goma ko dai biyar biyu ce ko goma ɗaya, ko ka juya su ba abin da zai sauya. 15 ce lamba ta farko da jeri ke shigowa, kai kuma ka tsaya taki ɗaya kafin ita.

Bashar: To ai da sauƙi. Tunda tana ƙirga wasu sau biyu, a cire maimaicin daga baya, a raba biyu.

Aunty Rabi: Ka gano ciwon, amma maganin ba zai yi ba. Ɗauki 20. Da hannu huɗu ne: biyar huɗu, biyar biyu da goma, goma biyu, ashirin ɗaya. Fomular ta ba da 3 + 2 + 1, wato 6. Raba biyu ka samu 3. Dalili shi ne biyar biyu da goma an ƙirga ta sau uku, goman na iya zuwa farko, tsakiya ko ƙarshe, sauran ukun kuma sau ɗai-ɗai. Babu lamba guda da za ka raba da ita. Gyaran shi ne a shigo da takardun ɗaya bayan ɗaya, n kuma shi ne kuɗin da ake son haɗawa:

```python
dp = [1] + [0] * n
for c in (5, 10, 20):
    for x in range(c, n + 1):
        dp[x] += dp[x - c]
```

Hauwa: Na bi shi a takarda, Aunty, a kan 0, 5, 10, 15, 20. Bayan biyar kaɗai: 1, 1, 1, 1, 1. Da goma ta shigo: 1, 1, 2, 2, 3. Da ashirin ta shigo, gidan ƙarshe ya zama 4. Ya dace da lissafin hannu. Tunda sai an gama da biyar ake taɓa goma, ba yadda biyar za ta sake biyo bayan goma.

Nasiru: Na yarda da 15 ɗin. Amma takardar aikin "hanyoyi nawa" kawai ta ce, ba ta ambaci jeri ba. In malam jeri yake nufi, tawa ce daidai.

Bashar: Nan kam yana da hujja. Fomular ba ƙarya ta yi ba, wata tambaya ta amsa.

Hauwa: Wa ya taɓa karɓar canji ya ce an ba shi daban don goma ta riga biyar zuwa hannunsa? Ni haɗi na fahimta. Sai mu tambaye shi ranar Litinin.

Sanusi: To ni ga tawa. A shagon babanmu naira biyar da ƙyar ake ganinta yanzu. In guda ɗaya tak ke cikin aljihun tebur fa? Wanga lissafi ya ɗauka biyar ba ta ƙarewa.

Aunty Rabi: Haka ne, ya ɗauka. In kowace takarda guda ɗaya ce, sai `for` na ciki ya taho daga n zuwa ƙasa, don kada a sake amfani da wadda aka riga aka saka. Gwajin da zai bambance su shi ne 10: mai hawa ya ba da 2, mai sauka ya ba da 1. Kada ka gwada da 5, dukansu 1 za su ba ka.

Sanusi: In biyar guda biyu ce, goma guda uku fa?

Aunty Rabi: Wannan sauya alkibla kaɗai ba ta isa ba. Fara jera hanyoyin 20 da hannu ka turo, mu ga nawa ya kamata lissafin ya bayar.