Inda za a ja iyakar kwantirol bolum: abin da aka tattauna a Kadawa

A tattaunawar ɗaliban injiniya da wani malaminsu a gonakin rani na Kadawa, gwiwar bututun ban-ruwa mai digiri 90 aka ɗauka misali. Kwantirol bolum shi ne yankin da ake zagayewa da iyaka a zane domin lissafi, a nan lissafin ƙarfin da ruwa ke tura gwiwar da shi.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce iyakar ta yanke bututun a tsaye daidai inda aka san gudun ruwa da matsinsa, ɗan nesa da lanƙwasar, domin a cikinta ruwan a hargitse yake.

Aka ce bututu mai faɗin baki 0.005 m² na ɗaukar lita 10 a daƙiƙa, wato gudun 2 m/s. Lita 10 na ruwa kilo 10 ne, don haka sauyin alkiblar ruwan na bayar da 10 × 2 = 20 N. A nan sababbin ɗalibai ke tsayawa, su manta cewa duk inda iyaka ta ratsa ruwa, matsi na turawa ciki. Idan geji ya nuna 100 kPa, wannan kaɗai 500 N ne. Ke nan gwiwar na shan 520 N ta kowace fuska biyun, ta shigar ruwa da ta fitarsa, shi ya sa ake tokare ta da kankare. A ganina wannan mantuwar ta fi kowacce haɗari.

Malam ya ƙara da cewa amsar lissafin ƙarfin da ke kan ruwa ce. Wanda ke kan bututu sai an juya alamarsa.