Hanyar Newton: me za mu kira lissafin da ya ƙi isa ga amsa?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan naɗi darasin bidiyo da Hausa kan hanyar Newton, wadda ake bi a kusanci saiwar folinomiyal idan ta ƙi rabuwa. Misalina shi ne na Newton kansa, x³ − 2x − 5 = 0. A x = 2 tana ba da −1, a x = 3 tana ba da 16, ke nan saiwa na tsakani. Idan f(x) ita ce folinomiyal ɗin, f′(x) kuma gangaren tanjan ɗinta a x, ga ka'idar:

```
sabon x = x − f(x)/f′(x)
```

Daga 2, f′ = 10, sai mu samu 2.1. Daga nan 2.0946, zagaye na gaba 2.09455. Wannan matsowar da Bature ke kira kwanbajens, me zan ce mata? In ta faskara kuma fa?

Ɗan Kwaleji: Malama, ai saiwa ta zauna tuntuni, kamar saiwar 25 ita ce 5.

Malamar Lissafi: Ba saiwa na tambaya ba, ɗana. Kuma a nan saiwa ita ce lambar da ke mayar da f(x) sifili.

Tsohon Lakcara: Hajiya, ki ce lissafi ya natsu. Dubi lambobinki: kowane zagaye, adadin lambobin da suka yi daidai kusan ninkawa yake, har na gaba su daina motsi. Amma kishiyarta ba za ta zama kalma ɗaya ba, domin ciwon ba ɗaya ba ne. Canza −5 ɗin nan zuwa +2, ki fara daga 0. f = 2, f′ = −2, kin sauka kan 1. A 1 kuwa f = 1, f′ = 1, kin koma 0. Haka za ki yi ta yi har alli ya ƙare, alhali saiwar na can wajen −1.769. Wannan lilo ne.

Mai Fassara: Natsuwa ta hankali ce, ranka ya daɗe. Ni "maƙura" na ƙirƙira, na kuma sa ta a wata fassara. Lissafi ya kai maƙura, ko bai kai ba. Sannan don Allah a daina cewa tanjan. Layin da ke shafar lanƙwasa a wuri guda, mashafi ne. Kullum aro, sai ka ce harshenmu maraya!

Injiniya: Lilon nan ai ƙarancin zagaye ne. Ni a wurin aiki sai in sa kwamfuta ta yi sau dubu, ta fito da amsa.

Tsohon Lakcara: Injiniya, gwada wannan tukuna. Zagaye na dubu 0 zai ba ka, na dubu da ɗaya 1. Maganinsa sauya mafari. Tashi daga −2: f = −2, f′ = 10, ka samu −1.8, na gaba −1.770. Shi ya sa nake cewa ɗalibi ya fara neman inda alama ta juya, nan tsakanin −2 da −1, kafin ya taɓa ka'idar.

Akwai ciwo na biyu. A wannan folinomiyal ɗin, f′ na zama sifili wajen 0.816, inda tanjan ya kwanta. Ka fara daga 0.8, f′ = −0.08 ne kawai, rabawa da shi sai ta wurga ka wajen 12. In ka taka wurin daidai kuwa, rabawa da sifili ce, aiki ya tsaya cak.

Mai Fassara: Ka ga, ya sake cewa tanjan.

Malami daga Maraɗi: Mu nan da Faransanci yara ke karatu, tanjant muke ce masa, don haka wannan aron ya haɗa mu da ku. Mashafi kuwa, wallahi yarana za su ɗauka tsumman goge allo ne.

Mai Fassara: To Bature daga ina ya samo tasa? Daga kalmar Latin mai nufin taɓawa. Shi ya yi, an ce ilimi. Mu muka yi, an ce tsumma.

Malamar Lissafi: Jama'a, Litinin fa. Malam Mai Fassara, maƙura tana da illa guda: hanyar Newton a misalina ba ta kaiwa ƙarshe, matsowa take yi, mu ne ke tsayar da ita idan amsa biyu a jere sun yi daidai gwargwadon buƙata. In na ce maƙura, yaro zai zaci 2.09455 ita ce saiwar cif.

Tsohon Lakcara: Ki ƙara da saiwa mai ninki, kamar (x − 1)² = 0. Daga 2 sai 1.5, sai 1.25, sai 1.125. Tana zuwa, amma rabin tazara kawai take ci kowane zagaye. Ban san ko a kira wannan gazawa ba.

Injiniya: Jan ƙafa.

Malamar Lissafi: Na ɗauki natsuwa, lilo da jan ƙafa. Na wurgawar nan zan bayyana shi da jimla, tunda babu wanda ya kawo suna. Tanjan zan ce, amma a farkon darasi zan faɗi cewa layi ne mai shafar lanƙwasa.

Mai Fassara: Lilo na yarda. Natsuwa dai ban yarda ba, kuma a tawa fassarar mashafi na nan.