Kunne kaɗai ya isa a gane lokacin gunagunin zuciya?

Ɗalibin aji huɗu: Assalamu alaikum. Ni a ganina taɓa jijiyar wuya yayin sauraron zuciya ɓata lokaci ne, domin gajeriyar tazara tsakanin sautukan zuciya biyu ita ce sistol, lokacin da zuciya ke matsewa, doguwar kuma dayastol, lokacin da take saki ta cika da jini, kunne kaɗai ya isa ya nuna inda gunaguni, wato ƙarin sautin da gudun jini ke yi a zuciya, ya faɗo. Ko akwai mai ja?

Ɗalibar aji shida: Wa alaikumus salam. Ƙanena, maganarka tana tafiya daidai ne kawai idan zuciya na bugawa a natse. A bugu 75 cikin minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 0.8 ne, sistol ya ɗauki kusan 0.3, dayastol kusan 0.5, kunne kuwa yana jin bambancin. Idan bugun ya kai 120, zagayen ya koma daƙiƙa 0.5, kuma mafi yawan ragin daga dayastol ake yin sa, har tazarar biyu su kusa zama ɗaya. Masu zazzaɓi, masu ƙarancin jini da masu juna biyu da muke gani a Sakkwato, nawa ne bugunsu yake 75? Ni dai ina riƙe jijiyar wuyan hannu ina saurare.

Likitan zuciya: Lissafinki daidai ne, 'yata, amma kin kama jijiyar da ba ita ba. Bugun yana isa wuyan hannu a makare, kuma idan zuciya na gudu, wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa ki ɗauki sauti na biyu a matsayin na farko. Karotid, babbar jijiyar wuya, ake taɓawa, a hankali, gefe ɗaya kawai, ba a taɓa danne biyun tare. Sautin da ya zo dab da tashin jijiyar shi ne na farko. Gunagunin da ya zo tare da bugun na sistol ne, wanda ya biyo bayan sauti na biyu kuma na dayastol.

Ga abin da ya sa nake nacewa. An taɓa turo mini wata mai ciki wata bakwai, tana haki, bugunta 118, an rubuta cewa gunagunin yawan gudun jini ne irin na masu ciki, an ba ta maganin ƙarin jini. Irin wannan gunagunin gaskiya ne, amma na sistol ne, mai taushi. Na kwantar da ita a gefen hagu, na ɗora ɓangaren ƙararrawa na sitetoskof a tsinin zuciya ba tare da dannawa ba, na sa ta fitar da numfashi ta ɗan riƙe, yatsana na kan wuyanta. Sai ga ruri mai zurfi kamar na mota daga nesa, yana zuwa bayan bugun ya wuce, yana ƙara ƙarfi kafin sauti na farko, wanda shi ma ya yi ƙara fiye da kima. Eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka, ya tabbatar da tsukewar bawul ɗin maitiral, ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagun zuciya, irin wadda zazzaɓin rumatik na yarinta ke bari. Gunagunin dayastol ba a ɗaukarsa a matsayin na lafiya, kuma a wannan cutar saurin bugu shi ne abokin gaba, tun da jini a dayastol yake ratsa bawul ɗin, shi ne kuma lokacin da ya ragu.

Wani ɗalibin aji biyar: Ranka ya daɗe, to nata ya kai mataki na nawa cikin 6? Na ɗauka duk wanda bai kai mataki na 3 ba, ba abin damuwa ne ba.

Likitan zuciya: Ka sauya tambayar, ɗana. Ƙarfi daban, lokaci daban. Nata da ƙyar ake jin sa, sai da na sa aka kashe fanka. Ƙaramin huji a bangon da ke tsakanin ɗakunan zuciya na ƙasa kan yi ƙara sosai, alhali yoyo mai haɗari na bawul ɗin awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, kan zo da ɗan huci a farkon dayastol, wanda sai mara lafiya ya zauna ya ranƙwafa gaba ake kama shi a gefen hagu na ƙashin ƙirji.

Ɗalibin aji huɗu: Na karɓi gyara, Likita, amma da saura. Na ga manyanmu suna ɗora sitetoskof su faɗi lokacin gunaguni ba su taɓa wuyan kowa ba.

Ɗalibar aji shida: Wasunsu suna farawa ne daga saman ƙirji, inda sauti na biyu ya fi fitowa, su riƙe shi a kunne, su riƙa matsawa kaɗan-kaɗan zuwa tsini. Wannan ma kunne ne kaɗai, don haka maganar ƙanena ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba.

Likitan zuciya: Dabarar tana aiki, ni ma nakan yi ta. Inda nake shakkarta shi ne idan bugun ya rikice babu tsari, ko bawul ɗin awota ya ƙandare har sauti na biyu ya dushe, domin a nan babu abin da za a riƙe a kunne. Gobe da ƙarfe 8 ku zo zagaye, akwai mai bugu a rikice. Kowa ya saurara ba yatsa ya rubuta amsarsa, sannan ya sake da yatsa a wuya.