Kashi 49 cikin ɗari: laifin maikuromita ne ko na hannu?

Nura: Jama'a mun yi gwajin GRR, wato gwajin da ke nuna kashi nawa na bambancin da ake gani daga awon kansa ya fito, a kan shaf mai kauri 20.00 mm, ƙari ko ragi 0.05. Shaf 10, mutum 3, kowa ya auna sau 3. Sakamako kashi 49 cikin ɗari. Ni dai na ce maikuromitar ta gama aiki, tunda duk abin da ya haura 30 faɗuwa ce. A sayo sabuwa kawai. Ko akwai mai ja?

Malam Habu: Ka duba takardar kalibireshan ɗinta. In ba ta ƙare ba, maikuromita lafiyarta ƙalau, a sake lissafin. Mu duk shekara ake kai namu, ba mu taɓa samun matsala ba.

Injiniya Rabi: Malam Habu, takardar nan wani abu daban take faɗa. Shaida ce cewa a ɗakin gwaji, a hannun mutum ɗaya, maikuromitar ta karanta gejin bulok daidai. Ba ta san abin da ke faruwa ba in mutum uku suka ɗauke ta a gefen inji. Nura, ina ja. Kashi 49 jimla ce, a cikinta akwai rabon kayan awo, akwai rabon masu awo. Turo mini abu uku: matsakaicin tazarar da ke tsakanin awo ukun da mutum ɗaya ya yi wa shaf ɗaya, matsakaicin kowane ma'auni, da tazarar shaf mafi kauri da mafi siranta.

Nura: Na farko 0.004. Matsakaicin mutanen: 20.012, 20.011, 20.003. Tazarar shaf ɗin 0.030.

Injiniya Rabi: To ai magana ta fito fili tun kafin a taɓa kalkuleta. In mutum ɗaya ya maimaita awo, bambancin maikuron 4 ne. Amma tsakanin mutum na farko da na uku maikuron 9 ne, alhali maikuromita ɗaya ce a hannunsu. Ga lissafin da lambobin littafin MSA, jagoran nazarin tsarin awo na ƙungiyar masana'antar motoci ta AIAG, bugu na huɗu na 2010:

```
EV  = 0.004 × 0.5908 = 0.00236
AV  = √((0.009 × 0.5231)² − EV²/30) = 0.00469
GRR = √(EV² + AV²) = 0.00525
PV  = 0.030 × 0.3146 = 0.00944
TV  = √(GRR² + PV²) = 0.0108
```

EV shi ne rawar da awo ke yi a hannu ɗaya, AV kuwa saɓanin mutane. Na biyun ya ninka na farkon. GRR haɗin su biyun ne, PV bambancin shaf ɗin kansu, TV kuwa jimlar bambancin duka, kuma GRR ÷ TV ne ya ba da kashi 49. Ko yau ka sayo maikuromitar da ba ta rawa ko kaɗan, AV yana nan inda ka bar shi, sakamakonka zai sauko zuwa wajen 44 ne kawai. Ka kashe kuɗi, ka dawo gidan jiya.

Ɗanladi: Hajiya ta yi gaskiya, amma ni matsalar da na gani ita ce shaf ɗin da aka zaɓa. Zane ya ba ku fili na 0.10, ku kuka ɗebo goma da duk suka taru a cikin 0.030. Dole kashin ya yi sama, tunda da bambancin shaf ɗin ake rabawa. Ku nemo masu kai wa kusan iyaka sama da ƙasa, tazara ta zama kamar 0.090, za ku ga ya faɗo ƙasa da 20. Mun taɓa yi, mai odit ya sa hannu ya tafi.

Injiniya Rabi: Lissafinka daidai ne, zai dawo kashi 18. Sai dai ka gaya mini abin da ya gyaru. GRR ɗin yana nan a 0.00525, mutum na uku yana nan yana karanta ƙasa da sauran. Abin rabawa ka kumbura kawai. Shaf goman nan wakilan abin da injin ke fitarwa ne a zahiri, a ɗebo su daga ranaku daban da shifti daban. In injin ba ya fitar da tazarar 0.090, to ka haɗa wa kanka labari ne.

Inda nake tare da kai shi ne, a tambayi Nura me yake yi da awon. In don bin diddigin injin ne, ya ga ko ya fara kaucewa, to da TV za a raba, kuma 49 ɗin nan gaskiya ce mai ɗaci. Lambar ndc ɗinsa, wato yawan rukunan kauri da awon ke iya bambancewa, ma 2 ce, ana neman 5 ko fiye, wato awon bai wuce ya ce wannan mai kauri ne, wancan siriri ba. In kuwa don ware mai kyau da marar kyau ne, da filin zane za a raba: 6 × 0.00525 ÷ 0.10, kashi 31.5. Wannan lambar ko wane shaf ka zaɓa ba ta motsi.

Nura: Warewa muke yi kafin a kai gurin haɗawa. Amma 31.5 ma ai faɗuwa ce.

Malam Habu: Zafin hannu ne. Wani yakan riƙe shaf ya daɗe, ƙarfe ya buɗe.

Baba Isa: Habu, ƙarfe mai kauri 20 mm, ko ya ɗumama da digiri 5, abin da zai ƙaru maikuron ɗaya ne da ɗan wani abu. Kuma ƙaruwa zai yi, shi wannan yaron na ukun ƙasa yake karantawa. Ni ban iya lissafin Rabi ba, amma na daɗe da maikuromita a hannu. Nura, je ka tsaya a bayansa ka kalli yatsunsa. Ina zargin ba ya amfani da racet, ɗan mamurzin da ke kayyade ƙarfin matsi, gangar maikuromitar yake murzawa har sai ya ji ta cije. Duk mai yin haka, awonsa ƙasa yake zuwa. Na biyu, ka duba ko yana goge bakin maikuromitar da shaf ɗin, da kuma inda yake ɗora ta, tsakiya ko kusa da baki.

Nura: Baba, na je na gani. Gangar yake murzawa kuwa. Ya ce racet ɗin ba ya ba shi natsuwa, a tsohon wurin aikinsa haka suka saba. Kuma shi ya fi sauran biyun daɗewa a aikin.

Injiniya Rabi: Kada a mayar da shi mai laifi, ba wanda ya rubuta muku yadda za a auna. Ku zauna ku ukun ku daidaita: a goge, a duba sifiri, racet ƙara uku, wuri kaza daga bakin shaf. Sannan a maimaita gwajin, a ɓoye lambobin shaf ɗin, a cakuɗa jerin kowane zagaye, wani daban ya riƙa rubutawa. Mutum in ya tuna ya karanta 20.011 ɗazu, hannunsa zai nemo masa ita, EV ya fito ƙarami na ƙarya. In saɓanin mutanen ya kau, abin da zai rage wajen kashi 14 ne na filin zane. Tsakanin 10 da 30 ke nan, karɓarsa ya danganta da muhimmancin shaf ɗin da abin da mai sayen kayan ya yarda da shi.

Ɗanladi: Ku kuma sa alama da alƙalamin maka a kan kowane shaf, kowa ya auna a wuri ɗaya. EV zai ƙara sauka.

Baba Isa: Ranar aiki wa zai sa muku alamar? In shaf ɗin yana da ɗan ƙwai, gara gwajin ya nuna.

Injiniya Rabi: Nan ni ma zuciyata biyu ce. Da alama, maikuromita da hannu kaɗai kake gwadawa. Ba alama, rashin zagayen shaf zai shiga cikin EV a ɗora wa maikuromita. Ni zan yi duka biyun a kan shaf goman nan in ga bambancin.

Ɗanladi: Awo 180 ke nan fa, Hajiya. Wa zai tsayar da mutum uku rabin yini?

Nura: Oga ya ba ni safiyar Asabar. Zan fara da marar alama. Takardar neman sabuwar maikuromita dai na janye ta tukuna.