Tambaya kan ciwon dajin furosteti na Baba

Assalamu alaikum. A Jidda muke zaune. An ɗebi naman ƙwayar furosteti ta Baba mai shekara 76, sakamako ya nuna makin Gleason, ma'aunin tsananin dajin, 3+4, wato rukuni na 2, gwajin jini na PSA kuma 8. Likita ya ce da rukuni na 1 ne, sa ido kawai za a yi: gwajin jini lokaci-lokaci, hoton MRI, da sake ɗibar nama. Amma na 2 yana kan iyaka.

Baba na da ciwon suga da na zuciya, kuma tsoronsa yoyon fitsari bayan tiyata, shi da ba ya wasa da alwala. Yayana ya dage a yi gashin radiotherapy.

Don Allah, kashi nawa cikin ɗari na dajin mai makin Gleason 4 ɗin ke hana jira? Takardar sakamakon ta ce kashi 10.